Yadda Ake Sayen Sana'a Mai Tafiya Da Rubuta Kuɗin Suna A Littafin Lissafi

Wanda ya taɓa zama wajen cinikin gidan burodi ko kamfanin ruwan leda ya san inda magana take cijewa. An ƙirga injina, an yi wa motoci kuɗi, an cire bashi, lissafi ya tsaya a wani adadi, sai mai sayarwa ya gyara zama ya ce: "To sunan fa? Masu sarin da na tara shekara goma sha biyu fa, kyauta zan ba ka su?" Gaskiyarsa. Gidan da ke da masu sari suna jiran mota kowace asuba ya fi tarin ƙarafan da ke cikinsa tsada. Ƙarin da ka biya a kan ƙimar kayan, bayan an cire bashin da ka ɗauka, shi ne kuɗin suna. Akantoci gudwil suke ce masa.

Na sha rubuta irin wannan ciniki a littafin masu saye, kuma abin da nake fara gaya wa sabon akanta shi ne, ba a zama a yi wa kuɗin suna farashi. Saura ne. Sai ka yi wa kowace kadara da kowane bashi kuɗinsu na gaskiya, abin da ya rage daga farashin da aka biya shi ne kuɗin suna. Don haka duk kasalar da ka yi wajen ƙirga da tantancewa cikinsa take shigewa ta ɓuya, har sai ranar da odita ko asara ta tono ta.

Zan bi da kai ta misalin gidan burodi guda. Alƙaluman na koyarwa ne, amma na tsara su yadda irin wannan ciniki yake zuwa.

Abin da za ka tanada kafin ka buɗe leja

Yarjejeniyar ciniki mai sa hannu, wadda ta faɗi abin da aka saya ɗaya bayan ɗaya, da bashin da mai saye ya ɗauka, da ranar miƙa makulli. Takardun banki na sana'ar na aƙalla shekara biyu, domin littafin ciniki ana iya gyara shi a dare ɗaya, na banki kuwa da wuya. Jerin kadarori da rasit ɗinsu da takardun motoci. Littafin masu bashi, da sunan kowa da ranar da ya ci bashin. Takardar hayar wuri. Takardun rajista: ta CAC, ta NAFDAC tunda abinci ne, da ta tambari idan akwai. Sai mutane: lauya, da wanda ya san farashin injina, da yara biyu masu ƙirga kaya a sito.

Idan mai sayarwa ba shi da littafin kirki, wanda shi ne aka fi gani, kada ka fasa. Ka gina lissafin daga waje. Dilan fulawa ya san buhu nawa gidan yake ɗauka a mako, kuma daga yawan buhu ana iya ƙiyasta yawan burodi da cinikinsa. Haɗa wannan da takardun banki da na na'urar POS, za ka kusanci gaskiya fiye da abin da aka faɗa maka da baki.

1. Ka tabbatar sana'a ka saya, ba kaya ko wuri ba

Kuɗin suna ba ya fitowa sai an sayi sana'a mai tafiya, wato kayan aiki haɗe da tsarin da ke juya su su zama ciniki: ma'aikatan da suka iya aikin, hanyoyin rabo, masu saye. Wanda ya biya maƙudan kuɗi don a sallama masa shago babu kowa a ciki a Kantin Kwari ko Sabon Gari, haƙƙin zama a wuri ya saya, a haka za a rubuta. Wanda ya sayi tanda da janareto daga gidan burodin da ya rufe shekara biyu da suka wuce, kaya ya saya, sai a raba kuɗin da ya biya a kan kayan gwargwadon ƙimar kowanne, ba a buɗe shafin kuɗin suna ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin sayen kayan sana'a da sayen hannun jarin kamfani. Idan kamfaninka ya karɓi injina da motoci da bashin kai tsaye, kuɗin suna a lejarka zai zauna. Idan kuwa hannun jarin kamfanin burodin ka saya, kamfanin yana nan da littafinsa, kai kuma a naka littafin jari ɗaya za ka rubuta da adadin da ka biya. Kuɗin suna ba zai bayyana ba sai a haɗaɗɗen lissafin kamfanonin biyu. Misalinmu irin na farko ne.

2. Ka tsayar da ranar karɓa

Ranar da iko ya dawo hannunka ita ce ranar lissafi, ba ranar da aka yi musafaha ba, ba kuma ranar kafin alƙalami ba. Yawanci ita ce ranar da aka biya kuɗi aka miƙa makulli, ma'aikata suka fara karɓar umarni daga gare ka. Duk ƙima da za a yi, ta wannan rana ce. Ribar da gidan ya ci kafin ranar ta mai sayarwa ce, ba ta shiga lissafin ribarka. Idan ka ba da kafin alƙalami tun da wuri, ka ajiye shi a shafin kuɗin da aka biya gaba, ranar karɓa ka kwashe shi ka haɗa da sauran farashi.

A wannan rana nake so a yi ƙirgar sito, da wakilin kowane ɓangare a tsaye, kowa ya sa hannu. Ƙirgar da aka yi mako biyu kafin miƙa makulli ba ta da amfani a gidan da ke cin buhunan fulawa kullum.

3. Ka haɗa duk abin da ka biya

A misalinmu an daidaita a kan naira 42,000,000 a hannu, da ƙarin naira 4,000,000 da za a biya bayan shekara guda idan cinikin shekarar bai gaza naira 90,000,000 ba. Wannan ciko mai sharaɗi yana cikin farashi tun ranar farko, ko da ba a biya shi ba tukuna. Ba dukansa za ka rubuta ba, ƙimarsa ta ranar za ka rubuta. Da aka duba cinikin shekarun baya, an ga yiwuwar cika sharaɗin ta kai kashi 75 cikin ɗari, sai aka sa masa naira 3,000,000. Jimillar farashi ta zama naira 45,000,000.

Abu biyu ne ake yawan cusawa cikin farashi alhali ba nasa ba ne. Na farko kuɗin lauya da la'adar dillali da ladan mai ƙima, waɗanda a nan suka kai naira 1,500,000. A ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa mai suna IFRS 3, wadda ita ce ta sayen sana'a, waɗannan kashe-kashe ne na shekarar, suna tafiya lissafin riba da asara. Dalilin a fili yake: kuɗin lauya bai shiga aljihun mai sayarwa ba, bai kuma ƙara wa gidan burodin daraja ba. Ƙananan kamfanoni masu bin sauƙaƙƙiyar ƙa'idar da ake kira IFRS for SMEs suna da bambanci a nan, domin bugun 2015 yana haɗa waɗannan kuɗaɗe cikin farashin saye, amma bugu na uku da ya fito a 2025, wanda zai fara aiki ranar 1 ga Janairun 2027, ya koma kan hanyar IFRS 3.

Na biyu shi ne kuɗin da ake ba tsohon mai gida don ya zauna ya riƙe aiki na ɗan lokaci. Idan yarjejeniya ta ce zai rasa kuɗin in ya bar aiki, to albashi ne, ko da an kira shi cikon farashi.

4. Ka yi wa kowace kadara kuɗinta na ranar

Nan ne aikin yake, kuma nan nake kashe mafi yawan kwanakina. Ka ajiye alƙaluman littafin mai sayarwa gefe guda. Shi ya rubuta abin da ya saya da shi shekarun baya, ya riƙa rage masa kuɗin tsufa. Kai abin da kake nema shi ne nawa za a sayar da abin nan yau, yadda yake, tsakanin mai saye da mai sayarwa da babu wanda aka matsa wa.

Tanda da injin kwaɓa suna littafinsa a naira 6,000,000. An saye su lokacin da dala take da sauƙi, kuma tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Da aka tambayi dillalan injina uku farashin na hannu mai irin wannan shekaru da lafiya, magana ta tsaya a naira 12,500,000. Janareto daga 2,000,000 ya koma 4,500,000, bayan makanike ya duba awannin da ya yi aiki ya kuma ɗora masa lodi ya ji. Motocin rabo biyu daga 5,000,000 suka koma 9,000,000. Idan babu halin ɗaukar ƙwararren mai ƙima, farashi uku a rubuce daga dillalai daban-daban, da hoto da lambar inji, sun fi ƙiyasin baki nesa ba kusa ba. In abin ba a samun na hannu a kasuwa, ka ɗauki farashin sabo ka rage gwargwadon shekarun da ya ci daga rayuwarsa. Fili da gini kuwa, idan suna cikin ciniki, ban yarda a yi su ba tare da mai ƙima mai rajista ba.

Kafin ka amince da kowane inji, ka sa lauya ya bincika rajistar jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, inda ake rubuta kayan da aka jinginar don cin bashi. Tandar da banki ke riƙe da ita ba ta zama taka don ka biya mai gida ba.

Ba komai ne yake hawa ba. Littafi ya ce akwai fulawa da sukari da bota da yis da leda na naira 4,200,000. Da aka sauke buhuna daga kan katako, na ƙasa sun sha danshi sun dunƙule, wani katan na yis kuma kwanansa ya wuce. Abin da ya rage mai amfani, a farashin da za a sayo irinsa yau, naira 3,600,000 ne. Kada ka ƙirga buhu daga bakin ƙofa. Layin baya da na ƙasa su ne labarin.

Bashin da gidan yake bin masu sari naira 3,000,000 ne a rubuce. Ka jera shi bisa tsufa. Mai shayin da ke karɓar burodi yau ya biya gobe, bashinsa kuɗi ne a hannu. Wanda ya yi wata takwas ba a gan shi ba, lambarsa ma ba ta shiga, wannan suna ne kawai a takarda. Na saba bin motar rabo kwana biyu, ina tambayar kowane mai shago nawa ya san ana bin sa. A nan abin da ake sa ran karɓa ya tsaya a naira 2,100,000. Hayar wuri naira 1,800,000 ce a shekara, an biya, saura wata takwas, wato naira 1,200,000, da sharaɗin mai ginin ya yarda a rubuce cewa hayar ta koma sunanka.

Sai kadarar da ba ta cikin littafin mai sayarwa ko kaɗan, wato tambarin da ke jikin leda. Shi bai rubuta shi ba saboda ƙa'ida ba ta yarda mutum ya yi wa sunan da ya gina da kansa kuɗi a littafinsa ba. Kai kuwa da kuɗi ka saya, don haka dole ka ware shi daga kuɗin suna matuƙar ana iya sayar da shi ko ba da hayarsa shi kaɗai, ko kuma doka ko yarjejeniya ce ta ba da haƙƙinsa. Mutane da yawa suna ɗauka rajistar sunan kasuwanci a CAC ita ce rajistar tambari. Ba ita ba ce. Tambari ofishinsa daban a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, kuma sai an yi takardar mayar da shi sunanka.

Hanya mafi sauƙi ta yi masa ƙima ita ce a tambaya: da hayar wannan tambari za mu yi, nawa za mu riƙa biya? An ɗauki kashi 1 cikin ɗari na ciniki, wato naira 900,000 a shekara. Shekara biyar ta ba da 4,500,000, da aka rage saboda kuɗin da zai zo nan da shekaru bai kai na hannu ba, ya tsaya a kusan naira 3,000,000. Ƙwarewar ma'aikata kuwa ba a ware mata shafi, domin ba mallakarka ba ce, kowa yana iya ajiye aiki gobe. Tana cikin abin da kuɗin suna ya ƙunsa.

| Kadara | A littafin mai sayarwa | Ƙimar ranar karɓa |
|---|---|---|
| Tanda da injin kwaɓa | 6,000,000 | 12,500,000 |
| Janareto | 2,000,000 | 4,500,000 |
| Motoci biyu | 5,000,000 | 9,000,000 |
| Kayan sito | 4,200,000 | 3,600,000 |
| Bashin masu sari | 3,000,000 | 2,100,000 |
| Hayar da aka biya gaba | 1,200,000 | 1,200,000 |
| Tambari | babu | 3,000,000 |
| Jimilla | 21,400,000 | 35,900,000 |

5. Ka tono bashin da ke kan sana'ar

Mai sayarwa ba ya manta kadara, bashi yake mantawa. Littafi ya nuna dilan fulawa yana bin naira 4,600,000. Da aka je wurin dilan aka buɗe nasa littafin, sai ga lodin ƙarshe na naira 800,000 ba a shigar ba, bashin ya zama 5,400,000. Ma'aikata suna bin albashin wata guda, naira 900,000. Kuɗin wuta da ya taru naira 600,000. Duka biyun babu su a rubuce. Jimillar bashin da mai saye ya yarda ya ɗauka naira 6,900,000.

Ka tambayi masu bin bashin da kanka, ka karɓi adadin a rubuce. Ka zauna da ma'aikata ba a gaban mai gida ba. Ka nemi shaidar biyan haraji. Idan akwai ƙara a kotu da ta samo asali kafin ranar karɓa, kuma za ta biyo ka, ita ma ana yi mata ƙima a rubuta. Bashin da yarjejeniya ta bar wa mai sayarwa ba ya shiga lissafinka, amma ka tabbata an sanar da mai bin bashin, don shi ƙofar gidan burodi ya sani, ba gidan tsohon mai shi ba.

6. Ka fitar da kuɗin suna, ka kuma auna shi da hankali

```
35,900,000 - 6,900,000 = 29,000,000
45,000,000 - 29,000,000 = 16,000,000
```

Layin farko shi ne kadara bayan cire bashi, na biyu shi ne kuɗin suna: naira 16,000,000.

Dubi abin da zai faru da an bi littafin mai sayarwa. Kadara 21,400,000, bashi 4,600,000, saura 16,800,000, kuɗin suna ya tashi naira 28,200,000. Bambancin ya haura miliyan goma sha biyu. Illar ba a takarda ta tsaya ba. Injina da motoci za su zauna a ƙasa da ƙimarsu, ragin tsufan da ake cirewa duk shekara ya yi kaɗan, riba ta fito da ƙiba, mai gida ya ci abin da ya kamata ya tara don sauya mota. Bashin da ba a rubuta ba kuma zai faɗo cikin watannin farko kamar sabuwar asara.

Bayan na samu adadin, ina yi masa wani gwaji da ba ya shiga leja. Ribar gidan a shekara, bayan an cire albashin da ya dace da mai kula da shi, naira 10,000,000 ce. Wanda ya zuba naira 29,000,000 a irin wannan sana'a, a ce yana sa ran kashi 20 cikin ɗari, wato 5,800,000. Abin da ya haura, naira 4,200,000, shi ne amfanin suna da masu sari. Ke nan an biya ribar da ta haura ta kusan shekara huɗu. Wannan abin a zauna a kai ne. Da lissafin ya nuna shekara goma sha biyar, sai in ce wa mai saye ko dai akwai kadarar da ba mu gano ba, ko kuwa ya yi sayen tsada. Ka lura da cire albashin mai gida, domin masu sana'a da yawa ba sa biyan kansu, sai ribar ta yi kamar ta fi haka.

Wani lokaci lissafin yana juyewa, kadara ta fi farashi. Kafin ka yi murna ka sake bin komai daga farko, domin sau da yawa bashi ne ya ɓuya ko an zuga ƙimar inji. Idan bayan sake dubawa ribar tana nan, kamar inda magada suke gaggawar raba gado suka karyar, ana rubuta ta riba a lissafin shekarar. Ba a rubuta kuɗin suna da alamar ragi.

7. Ka shigar da shi a leja

Duk abin da ya shigo hannunka yana ɓangaren debit, duk bashin da ka ɗauka da kuɗin da ka fitar suna ɓangaren kiredit.

| Shafi | Debit | Kiredit |
|---|---|---|
| Tanda da injin kwaɓa | 12,500,000 | |
| Janareto | 4,500,000 | |
| Motoci | 9,000,000 | |
| Kayan sito | 3,600,000 | |
| Bashin masu sari | 2,100,000 | |
| Hayar da aka biya gaba | 1,200,000 | |
| Tambari | 3,000,000 | |
| Kuɗin suna | 16,000,000 | |
| Dilan fulawa | | 5,400,000 |
| Albashin da ake bi | | 900,000 |
| Kuɗin wuta | | 600,000 |
| Cikon farashi mai sharaɗi | | 3,000,000 |
| Banki | | 42,000,000 |
| Jimilla | 51,900,000 | 51,900,000 |

Kuɗin lauya da dillali shigarwarsu daban: debit kashe-kashen saye 1,500,000, kiredit banki 1,500,000. Ragin tsufan da mai sayarwa ya tara a kan injinansa ba ya biyo su zuwa littafinka. A wurinka tandar ta fara rayuwa daga naira 12,500,000, sai ka ƙiyasta shekarun da suka rage mata ka fara ragi daga nan. Jarin tsohon mai gida da ribar da ya tara su ma ba sa ƙetarowa. Kuɗin suna yana zama cikin kadarori masu daɗewa da ba a taɓa su da hannu, a layinsa shi kaɗai. Masu aiki a Nijar da tsarin lissafi na SYSCOHADA za su same shi a shafi mai lamba 215.

Ka haɗa takardun ƙima da na ƙirga da wasiƙun masu bashi a fayil guda. Odita ba zai tambaye ka yadda ka ji game da sunan gidan ba, zai tambaye ka daga ina 12,500,000 ta fito.

8. Gyaran da aka yarda da shi cikin shekarar farko

Ƙa'ida ta ba da lokaci, wanda ba ya wuce shekara guda daga ranar karɓa, don gyara alƙaluma idan wani bayani ya fito game da halin da abubuwa suke ciki a ranar. A ce bayan wata uku makanike ya buɗe janareto ya ga tsohuwar tsagewa da aka liƙe tun kafin ciniki, ƙimarsa ta gaskiya naira 3,500,000 ce. Sai ka rage janareto da miliyan ɗaya, kuɗin suna ya ƙaru da miliyan ɗaya. Amma idan yaronka ne ya bar shi babu mai ya ƙone bayan ka karɓa, wannan asararka ce ta shekarar, ba ta taɓa kuɗin suna. Tambayar kullum ita ce, abin yana nan ranar karɓa ko daga baya ya faru?

Haka cikon nan mai sharaɗi. Idan ciniki ya yi kyau ka biya naira 4,000,000 cif, ƙarin miliyan ɗaya a kan abin da ka rubuta kashewa ce ta shekarar a ƙa'idar IFRS 3. Idan sharaɗin bai cika ba, 3,000,000 ɗin ta koma riba, kodayake faɗuwar cinikin da ta jawo haka alama ce da za ta sa ka duba mataki na gaba da kyau.

9. Abin da ake yi da shi a shekarun da ke tafe

Hanya biyu ce, gwargwadon ƙa'idar da kamfaninka yake bi. Mai bin IFRS for SMEs yana rage kuɗin suna kaɗan-kaɗan a tsawon shekarun da ake sa ran zai yi amfani, in kuma ba a iya ƙiyasta shekarun da tabbaci ba, ba a wuce goma. A misalinmu, shekara goma na nufin naira 1,600,000 duk shekara: debit ragin kuɗin suna, kiredit tarin ragin kuɗin suna. Ni a gidan burodi na fi karkata ga shekara biyar zuwa bakwai, don masu sari ba sa daɗewa da wanda burodinsa ya canza ɗanɗano. Wannan ragi na littafi ne. Ko hukumar haraji za ta yarda a cire shi daga riba, magana ce ta dokar haraji, kada ka haɗa su.

Mai bin cikakkiyar IFRS ba ya wannan ragi. Maimakon haka, ƙa'idar IAS 36 ta wajabta masa gwada darajar aƙalla sau ɗaya a shekara, da duk lokacin da wata alama ta bayyana. Mai bin ƙaramar ƙa'idar ma yana gwajin idan ya ga alama. Tunda kuɗin suna ba ya kawo ciniki shi kaɗai, ana gwada shi tare da gidan burodin gaba ɗaya.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Babban mai gasa burodi ya tafi da yaransa uku. Tsohon mai gida ya buɗe sabon gidan burodi a bayan layi, masu sari suka bi shi, wanda shi ya sa nake matsa wa lauya ya sa sharaɗin hana shi buɗe irin sana'ar a yankin na wasu shekaru. Buhunan da ake kwaɓawa a rana sun ragu da kashi uku cikin goma wata bayan wata. Ko fulawa da gas sun tashi, farashin burodi ya kasa bin su.

A ce a ƙarshen shekara ta biyu littafi yana nuna gidan gaba ɗaya a naira 40,000,000, har da kuɗin suna 16,000,000. Sai a nemi adadi biyu: nawa za a samu in an sayar da gidan yau bayan cire kuɗin sayarwa, da kuma ƙimar yau ta kuɗin da zai riƙa kawowa in an ci gaba da aiki. Wanda ya fi girma shi ake ɗauka. In ya zama naira 33,000,000, an yi asarar 7,000,000, kuma kuɗin suna ne yake fara ɗaukar ta: debit asarar faɗuwar daraja, kiredit kuɗin suna, ya sauko zuwa 9,000,000. Da asarar ta fi 16,000,000, sai a shafe shi duka, ragowar a raba wa injina da motoci da tambari gwargwadon adadin kowanne a littafi.

Abin da aka rage daga kuɗin suna ba ya dawowa. Ko masu sari sun komo a shekara ta uku ciniki ya ninka, 9,000,000 ɗin nan ba za ta koma 16,000,000 ba, domin sunan da ya farfaɗo kai ka gina shi da hannunka, kuma wanda mutum ya gina da kansa ba ya shiga littafi sai ranar da wani ya zo ya saya.